Wasiƙar da na kai wa shagon da ya sayar mana da injin gahawa

Kawuna ba ya fara aiki sai ya sha gahawa. Tun yana dakon kaya tsakanin Kano da Legas ya saba da ita, kuma da ya buɗe ɗan ofishinmu a Agege ya ɗora ni a kan takardu da lissafi, dafa ta ma ta zama cikin aikina. Shekara da shekaru a buta nake dafawa a kan risho, har ranar da ya ce in nemo mana irin injin nan mai tanki a baya da jug ɗin gilashi a gaba, wanda ya gani a ofishin wani abokin hulɗarsa a Apapa. Ranar 9 ga Maris na je wani babban shagon kayan lantarki a Ikeja na saye shi naira 68,000. Aka ba ni rasit, aka cike katin garanti na wata goma sha biyu, aka buga masa hatimin shago. A ƙasan rasit ɗin akwai wani ɗan layi da ƙananan haruffa mai cewa ba a mayar da kaya bayan an biya kuɗi. Na gan shi, ban sa shi a raina ba.

Mako bakwai injin ya yi yana aiki lafiya lau. Ranar 26 ga Afrilu da safe na tarar da ruwa ya malale teburin, har ya jiƙa gefen wani fayil. Na ɗauka ni na zubar wajen cika tanki, na goge. Washegari ma haka, kuma a ranar na lura gahawar da ke cikin jug ba ta kai inda ta saba kaiwa ba. Na zare shi daga soket nan take, domin wayoyin wutarsa duk a ƙasa suke, kuma ta ƙasan ruwan ke fitowa. Ruwa da wuta ba abin gwaji ba ne a ofishin da mutane ke shiga da fita.

Ɗaya daga cikin direbobinmu ya ce in kawo ya kwance shi, wai ba ya wuce wani tiyo ne ya saki, aikin minti biyar. Har ya ɗauko sukundireba. Abin da ya hana ni shi ne wata 'yar sitika da aka manna a kan ɗaya daga cikin kusoshin da ke ƙasan injin. In ka huda ta don ka kai ga kusar, ka bar shaidar cewa an buɗe shi, kuma katin garanti ya faɗa ƙarara cewa in wanda ba mai gyaransu ba ya taɓa cikinsa, garanti ya faɗi. Na ce masa ya bari. Daga baya ta bayyana cewa hasashensa bai yi nisa da gaskiya ba, amma da na bar shi ya buɗe, da maganata da shagon ta ƙare tun ba a fara ta ba.

Ranar 28 ga Afrilu na sa injin a kwalinsa na kai shagon. Yaron da ya sayar mini ya karɓe ni da fara'a, amma ko kwalin bai buɗe ba ya ce ai wuta ce, wutar Legas haka take ƙona kaya, kuma garanti ba ya ɗaukar ɓarnar wuta. Na ce masa injin yana kamawa, fitilarsa tana ci, ruwa yana zafi, yoyo kawai yake yi. Sai ya sauya ya ce to wataƙila an yar da shi ne tankin ya tsage. A ƙarshe ya ce mai gyaransu ba ya nan, in koma da kayana in dawo mako mai zuwa. Na koma ranar 6 ga Mayu, aka ce mai gyaran ya yi tafiya, manaja kuma yana taro. Sau biyu ke nan na bar aiki na sha cunkoson hanyar Ikeja da kwali a cinya, kuma in da za a tambayi shagon a ranar, babu wata takarda a wurinsu da ta nuna na taɓa zuwa.

A daren na zauna na rubuta wasiƙa shafi biyu cur. Na zuba duk abin da ke raina: yadda aka raina ni, yadda aka bar ni tsaye kusan awa guda, yadda zan gaya wa duk Hausawan Agege kada su ƙara taka shagon. Kafin in buga ta na kai wa ƙanwar matata, wadda lauya ce kuma tana aiki a nan Legas, ta duba mini Turancin.

Ta karanta har ƙarshe ta ɗago ta ce, “Yaya, duk abin da ka rubuta gaskiya ne, amma me kake so su yi maka? Na karanta sau biyu ban gani ba.”

Na ce ai a bayyane yake, su canza mini.

Ta ce, “Ba ka rubuta ba. Ba ka sa lambar rasit ba, ba ka sa lambar injin ba, ba ka ba su wa'adi ba. Manajan da zai karanta wannan zai fahimci ranka ya ɓaci, ya ajiye ta a aljihun tebur, shi ke nan. Ka ba shi takardar da in ya ajiye ta, ita za ta dame shi.”

Sai ta tambaye ni ranar da na saya. Da na faɗa mata, ta ƙirga a yatsunta ta ce saura mini wata guda da 'yan kwanaki. Na ce a'a, garantin shekara guda ne. A nan ta fahimtar da ni abin da ban sani ba, wanda kuma shi ya sa nake rubuta wannan labari. Ashe wa'adi biyu ne ke tafiya tare tun ranar da kaya suka shigo hannunka. Na farko shi ne na katin garanti, wata goma sha biyu a namu, kuma wannan alkawari ne na kamfanin da ya ƙera kayan, bisa sharuɗɗan da shi ya tsara wa kansa. Yawanci abin da yake ɗauka shi ne gyara, a lokacin da ya ga dama, in an sami kayan gyaran. Na biyu kuma na doka ne. Dokar tarayya ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce a sashe na 131 mai saye yana da haƙƙin a ba shi kaya masu inganci, masu aiki, marasa aibi. Sashe na 132 kuma ya ce in kayan suka gaza haka, cikin wata uku daga ranar da aka miƙa su mai saye zai iya mayar da su ga wanda ya sayar masa ba tare da tara ba, ɗawainiyar kuma a kan mai sayarwar take, sannan dole ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Wannan nauyi a wuyan shagon yake kai tsaye, ba zai tura ka wurin kamfani ya zare hannunsa ba. Na tambaye ta layin nan na ƙasan rasit. Ta ce shago ba ya soke doka da abin da ya buga a takardarsa, dokar ma ta hana a sa sharaɗin da zai kwashe wa mai saye haƙƙin da ta ba shi.

Wata ukuna zai cika ranar 9 ga Yuni. Sai a lokacin na gane me “dawo mako mai zuwa” take ci mini. Ban ce da gangan suke yi ba, ban shiga zuciyar kowa ba, amma ko da gangan ko ba da gangan ba, in aka ƙara juya ni sau huɗu ko biyar zan wayi gari wa'adin doka ya wuce, ya rage mini katin garanti kaɗai, kuma ba ni da shaidar cewa tun bayan mako bakwai na kawo ƙorafi. Da na ba Kawu labari bai yi mamaki ba. Ya ce ai ko a karatun fiƙihu an san mayar da kaya saboda aibin da aka gano bayan ciniki, kuma an san cewa wanda ya ga aibi ya ci gaba da amfani da kaya kamar ya yarda ne. Ya ce, “Tunda ka daina kunna shi, ka yi daidai. Saura ka rubuta.”

Kafin in sake rubutawa, ƙanwar tawa ta ce in samo amsar maganganu biyun da yaron shago ya yi, wuta da faɗuwa, domin su za a maimaita mini. Na yi tunani a kan yadda injin yake aiki. Irin wannan ba shi da famfo. Ruwan sanyi yana sauka daga tanki ta wani tiyon roba zuwa wani bututun ƙarfe da ke manne da hita a ƙarƙashin farantin da jug ke zama a kai. In ruwan ya tafasa a cikin bututun, tururi ne ke tura shi sama ta wani tiyon, saboda akwai wani ɗan bawul da ke hana shi komawa tanki, har ya fito ta kai ya riƙa ɗiga a kan garin gahawa. Ke nan wuraren da ruwa zai iya zuba kaɗan ne: ko tankin, ko tiyo, ko mahaɗar tiyo da bututu.

Na ɗora injin a cikin babban tiren silba mai baki, na zuba ruwan sanyi lita ɗaya a tanki, ban kunna ba, na bar shi awa guda. Ko ɗigo bai sauka a tiren ba. Da tankin ya tsage saboda faɗuwa, da ruwa ya zuba ko an kunna ko ba a kunna ba. Sannan na yi gwaji na biyu, sau ɗaya tak, ina tsaye nesa da tiren, hannuna a kan makunnin soket na bango, kuma na ɗora injin a kan wasu katakai biyu don kada gindinsa ya zauna cikin ruwa. Ban sa garin gahawa ba, domin gari yana shan ruwa zai ɓata lissafi. Minti biyu da kunnawa, daidai lokacin da ya fara wannan gurnani na tafasa, sai ruwa mai zafi ya fara ɗiga ta ramukan iska na ƙasa, ta gefen hagu. Da ya gama na kashe daga bango, na zare, na auna da kwalbar fidar ɗana mai zanen mililita. A jug na sami kusan 650, a tire kusan 300, sauran ya tafi a tururi. Duk wannan na ɗauka a bidiyo da waya, na fara da nuna lambar da ke ƙasan injin da sitikar nan da ba a taɓa ba. Yoyon da ba ya zuwa sai ruwa ya yi zafi yana nuni da tiyo ko mahaɗarsa, wato abin da ke ciki inda hannuna bai taɓa kaiwa ba. Hitar kuma tana tafasa ruwa, wanda ke nuna wuta ba ta ƙona komai ba.

Wani abu da na kusa yin sakaci da shi shi ne rasit. Irin takardar nan ce mai santsi da injin kanta ke fitarwa, wadda zafi ne ke yin rubutunta ba tawada ba. Wata biyu kawai ta yi a aljihun tebur amma lambobin sun fara dushewa. Na yi mata hoto, na yi fotokofi uku, na kuma fitar da alat ɗin banki da ke nuna kuɗin sun shiga asusun shagon a ranar 9 ga Maris. Na gwada lambar da ke jikin injin da wadda aka rubuta a katin garanti da wadda ke jikin kwali, duka ukun suka zo ɗaya.

Wasiƙar ta biyu shafi ɗaya ce. Da Turanci aka kai ta, tunda shi ake aiki da shi a shagon, amma da Hausa na fara tsara ta, kuma ga ta kamar yadda na tsara, ban da suna da lambobi:

“Zuwa ga Manaja. Ƙorafi a kan injin dafa gahawa mai yoyo, wanda ke cikin garanti.

“A ranar 9 ga Maris na sayi injin dafa gahawa a shagonku a kan naira 68,000. Lambar rasit, samfurin injin da lambar jikinsa suna rubuce a saman wannan takarda. Katin garantinsa na wata goma sha biyu ne, da hatiminku a kai.

“A ranar 26 ga Afrilu injin ya fara zubar da ruwa ta ƙasa. In an zuba ruwan sanyi ba a kunna ba, ba ya zuba ko bayan awa guda. In an kunna, bayan kamar minti biyu ruwan zafi yana fita ta ƙasa, kusan mililita 300 a cikin lita ɗaya. Injin yana kamawa kuma yana tafasa ruwa. Bai faɗi ba, ba a buɗe shi ba, sitikar da ke kan kusarsa tana nan yadda take. Na daina amfani da shi saboda ruwan yana fita kusa da wayoyin wuta.

“Na kawo shi shagonku ranar 28 ga Afrilu da ranar 6 ga Mayu. Duka biyun ba a karɓa ba, ba a duba ba, an ce in dawo.

“Da wannan takarda nake mayar muku da injin, cikin wata uku da sayensa, bisa sashe na 131 da na 132 na dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, da kuma katin garantinku. Ina neman ku canza mini shi da sabo irinsa. In babu, ku mayar mini da kuɗina naira 68,000. In kun ga sai an fara buɗe shi an duba, ina so a buɗe a gabana.

“Ina jiran amsarku a rubuce cikin kwana goma sha huɗu, wato zuwa ranar 27 ga Mayu. In ban ji daga gare ku ba zan kai maganar gaban hukumar FCCPC da hukumar kare masu saye ta Jihar Legas, LASCOPA.

“Na haɗa da kwafin rasit, kwafin katin garanti, shaidar biyan kuɗi ta banki, da hotuna uku. Akwai bidiyon gwajin in kuna buƙata.”

Mun ɗan yi gardama da ƙanwar tawa a kan jimlar da ta ambaci kai magana hukuma. Ni na so in ambaci kotu. Ta ce akwai kotun ƙananan ƙararraki a Legas tun 2018, kuma kafin a shigar da ƙara a can sai an fara aika wa wanda ake bi takardar neman biya, don haka hanya a buɗe take in ta kai ga haka. Amma ta ce kada in rubuta abin da ban shirya aikatawa gobe ba. Kai ƙorafi hukuma abu ne da zan iya yi da wayata a zaune, shi ya sa shi kaɗai muka sa. Ta kuma cire kalmar “algus” da na so in bari. Ta ce ba ni da hujjar cewa sun san injin yana da aibi, kuma in na zarge su da abin da ba zan iya tabbatarwa ba, na ba su abin da za su riƙe su bar ainihin maganar. Na ji zafin cire ta a lokacin, amma gaskiyarta ce.

Wa'adin kwana goma sha huɗun ma da lissafi aka sa shi. In ya cika ranar 27 ga Mayu ba su amsa ba, ina da sauran kusan mako biyu kafin 9 ga Yuni, kuma ko sun ja maganar ta wuce nan, takardar ta riga ta nuna ranar da na mayar da kayan.

Ranar 13 ga Mayu na tafi da kwafi biyu na wasiƙar, dukansu da sa hannuna, na bar asalin rasit da katin garanti a ofis. Na tafi da ɗaya daga cikin yaranmu don ya zama shaida. Wannan karon ban tsaya wurin yaron da ya sayar mini ba, na nufi teburin da ake karɓar ƙorafi na ce na kawo wa manaja takarda. Matar da ke wurin ta karɓa ta ce za ta ba shi. Na miƙa mata kwafi na biyu na ce don Allah ta rubuta cewa an karɓa, ta sa kwanan wata da sunanta, ta buga hatimi. Ta ce ba a ba ta izinin sa hannu a takardar kowa ba. Na ce babu laifi, zan jira wanda aka ba izinin, in kuma babu shi a yau zan aiko da ita ta kamfanin kai saƙo, wanda zai kawo mini shaidar wanda ya karɓa. Na sami kujera na zauna da kwalina. Ban ɗaga murya ba, ban kuma tashi ba. Bayan kamar minti arba'in mataimakin manaja ya fito, ya karanta a tsaye, ya kai ƙarshe ya koma kan sakin layi na biyu ya sake karantawa, sannan ya sa hannu ya buga hatimin.

Saura injin kansa. In na koma da shi gida, za a iya cewa ban mayar ba. In na bar shi haka kawai, za a iya cewa a fashe ya zo, ko jug ɗin ba ya ciki. Na nemi a ba ni takardar karɓar kaya, muka buɗe kwalin tare aka rubuta abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya: injin, jug ɗin gilashi ba tsaga, murfinsa, matacin gari, cokalin awo. Na sa aka rubuta lambar jikin injin, aka kuma ƙara cewa babu alamar faɗuwa kuma sitikar garanti tana nan. Na yi wa takardar hoto a kan teburinsu. Da na fito na tura hoton wasiƙar mai hatimi zuwa adireshin imel ɗin da ke jikin rasit, don a sami shaida ta biyu mai kwanan wata.

Mako guda shiru. Kawu yana ta tambaya, mun koma buta da risho. A rana ta takwas aka kira ni aka ce mai gyara zai buɗe injin washegari da ƙarfe sha ɗaya, in zo in ina so. Na je. Wani dattijo ne mai natsuwa, ya huda sitikar a gabana, ya kwance kusoshi ya ɗaga murfin ƙasa. Gani ya kori ji. Tiyon da ke ɗaukar ruwan zafi, daidai inda ya shiga bakin bututun ƙarfe, an ɗaure shi da wani ɗan zoben waya, kuma zoben ya zauna a karkace har bakinsa ya ci robar. Tsagar ba ta kai tsawon farce ba, sai ya lanƙwasa tiyon sannan ta buɗe baki. A ƙasanta akwai farin tabon ruwa da ya bushe, kusa da inda wayoyi biyu suka haɗu da hita. Ya leƙa cikin bututun ya ce babu dattin ruwa da ya toshe shi, wanda da shi za a iya cewa ruwanmu ne ya jawo. Ya juya ya gaya wa mataimakin manajan cewa daga masana'anta aka ɗaure shi ba daidai ba. Na roƙe shi ya rubuta hakan a takardar aikinsa, ya rubuta, na ɗauki hotonta.

Mataimakin manajan ya ce to za su canza tiyo su ba ni kayana. A nan sai da na yi tunani, domin doka ta lissafa gyara a cikin abin da shago zai iya yi, kuma ban ga dalilin in ƙi gyara mai kyau don kawai raina ya ɓaci ba. Na tambayi mai gyaran ko suna da tiyon kamfanin. Ya ce babu a ƙasa, sai an yi oda, kuma ba zai iya faɗin ranar zuwansa ba. Ya ƙara da cewa shi ba zai sa tiyon kasuwa ba, domin wannan ruwan tafasasshe ke bi ta cikinsa kuma mutane ne za su sha, ba kowace roba ce ke jure haka ba. Na ce to ga abin da na nema a wasiƙata, kuma wa'adin yana nan ranar 27. In gyaran ba shi da rana, a canza ko a mayar da kuɗi.

Ranar 26 ga Mayu da yamma saƙo ya shigo ta imel cewa an amince a canza. Na je ranar 28. Kafin in sa hannu na ce a gwada sabon a gabana. Aka zuba lita ɗaya, aka ɗora shi a kan busasshen kwali, muka tsaya har ya gama, na ɗaga shi na shafa kwalin da tafin hannuna, a bushe yake. Na duba farantin bayanin da ke ƙasansa na ga an rubuta 220–240V, wato na wutarmu ne, filoginsa kuma mai ƙafa uku.

Sai maganar garantin sabon. Na so a fara ƙirga wata goma sha biyu daga ranar, suka ce tsarinsu shi ne garanti yana ci gaba daga ranar sayen farko, wato zai ƙare 9 ga Maris na baɗi. Na kira ƙanwar tawa daga cikin shagon. Ta ce, “Yaya, wannan sharaɗin katinsu ne, kada ka tsaya ja a kansa. Abin da za ka tabbatar shi ne lambar.” Na duba, ashe kuwa katin da ke hannuna lambar tsohon injin ce a jiki. Da na fita da shi haka, in wani abu ya sami sabon, za a ce wannan kati ba nasa ba ne. Na koma teburin, aka soke tsohuwar lambar da layi ɗaya yadda za a iya karanta ta, aka rubuta sabuwar a gefe da kwanan watan ranar, mataimakin manajan ya sa hannu ya buga hatimi a kai. Aka kuma ba ni takardar miƙa kaya mai ɗauke da sabuwar lambar.

Na haɗa katin da takardar da wasiƙar mai hatimi da fotokofin rasit na sa su a fayil ɗaya da takardun motocinmu. Na iso ofis bayan la'asar, Kawu yana zaune a ƙofa da carbinsa. Ya dubi kwalin ya ce, “An canza?” Na ce an canza, Kawu. Ya ce to a ɗora, yau ko da yamma ce zai sha.